Hafizullahi Manaja da Haruffan Nan Uku

Duk wanda ya san garin Isa a 'yan shekarun nan ya san Hafizullahi Wada, ko da bai san sunansa na yanka ba, domin Manaja ake ce masa. Ba shi ne manajan ba. Manajan gaskiya wani dattijo ne mai ciwon gwiwa, wanda ke leƙowa daga Sakkwato in ya ji labarin hanya ta yi lafiya. Hafizullahi shugaban sashen kanta ne a reshen wani ƙaramin bankin al'umma: shi ke riƙe da makullin ma'ajiyar kuɗi, shi ke tsaye a kan masu karɓa da biya, shi ke sa hannu kafin albashin malaman firamare ya fita. Amma tun ranar da yaran tasha suka fara kiransa Manaja bai taɓa gyara musu ba, har shi kansa ya manta cewa aron sunan ya yi.

Mahaifinsa, marigayi Malam Wada, manomin gero ne a Kamarawa, mutumin da ya rayu ya mutu ba a taɓa jin ya kira kansa komai ba. Ɗan ne ya fito daban. Allah ya ba shi kai, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, domin abin da ya karanta sau biyu ya zauna ke nan. Sai dai tun yana firamare ba karatun ne ya dame shi ba, a kira sunansa a gaban asambuli shi ne abincinsa. Ya yi digiri a fannin tattalin arziki a Sakkwato, ya dawo gida da kwat da laktaye, kuma ko a tsakiyar bazara, lokacin da jaki ma ke neman inuwa, haka za ka gan shi ya shaƙe wuya yana tafe yana sharce gumi.

Yana da taubashiya, Sadiƙa, 'yar Goggo Saude ƙanwar mahaifinsa da ke aure a Sabon Birni. Ya girme ta da shekara biyar. Kamar kowaɗanne taubasai, tun suna yara ba su haɗuwa sai da tsiya: ya ce mata baiwarsa, ta ce masa bawanta, kuma duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya, komai ɗacinsa, ba a ɗaukarsa da zafi, domin maganar taubashi wasa ce. Ita dai ta san wasa take yi. Shi kuwa can cikin ransa ya yarda cewa shi ne a sama.

Sadiƙa ta yi bautar ƙasa a Abuja, a wani kamfani mai juya dukiyar masu zuba jari, suka riƙe ta a matsayin ƙaramar mai nazari. Aikinta ta zauna ta tona asusun kamfanoni, ta auna darajar hannun jarinsu, ta rubuta wa manyanta ko a saya ko a sayar. Shekaru tana zuwa hutun salla da wasu littattafai masu kaurin bulo, yana mata dariya. Wata salla sai ta zo babu littattafan, ta miƙa masa ɗan katin ofishinta, ya ga an rubuta haruffa uku bayan sunanta: CFA. Ya tambayi wani abokinsa da ke babban banki a Sakkwato, aka ce masa ai wannan ita ce shaidar ƙwararrun masu nazarin zuba jari ta duniya, wata cibiya ce a Amurka ke ba da ita, kuma masu ita a ƙasar nan ba su da yawa. Ranar tuwo bai yi masa daɗi ba.

Ba wai yana son nazarin jari ba ne. Hafizullahi bai taɓa sayen hannun jarin ko kamfanin ashana ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne a ce 'yar Goggo tana da wutsiya a bayan suna, shi nasa sunan guntu.

Ya binciko yadda abin yake. Jarrabawa ce mataki uku, ba a hawa na biyu sai an ci na farko, ba a hawa na uku sai an ci na biyu. Kowane mataki ana son mutum ya ba shi kamar awa ɗari uku na karatu. Da dala ake biya, da fasfon fita waje ake shiga ɗakin jarrabawa, kuma na'urar lissafi iri biyu kaɗai aka yarda a riƙe. Bayan wannan akwai sharaɗin ƙwarewar aiki na wasu shekaru. Da idonsa ya kai kan wannan layin sai ya yi murmushi ya wuce. Shekarun aiki? Shi da ya san yadda ake yi a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda mutum zai zauna yana korar ƙuda shekara uku a ƙara masa girma don kawai bai mutu ba? Daɗewa ita ce ƙwarewa, haka ya tashi ya ga ana yi, kuma shi ya daɗe a banki. Bai ƙara karanta abin da ke ƙasan layin ba.

A ba shi haƙƙinsa, ya yi karatu. Bayan sallar asuba zai baje littattafai a zaure, matarsa Maimunat ta hana yara motsi. Ya haddace ƙa'idojin lissafin riba, da rahoton kuɗin kamfanoni, da takardun bashi, har da babin ɗa'ar sana'a, wanda ya haddace kamar karatun allo ba tare da ya taɓa tunanin da shi ake ba. A lokacin a takarda ake yin jarrabawar. Ya hau bas zuwa Sakkwato, daga can ya yi Abuja, ya zauna a wani makeken ɗaki cikin ɗaruruwan mutane, ya faɗi. Da ya dawo ya ce wa 'yan majalisarsa ta ƙofar kyamis ɗin Bawa ai ya je ne ya ga yanayin wurin tukuna. A zama na biyu ya ci.

Sai ya yi walima. Mutum ya hau mataki ɗaya cikin uku, amma aka ka da rago, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, aka kira liman ya yi addu'a kamar an yi saukar Alƙur'ani. Rabin waɗanda suka ci naman sun ɗauka Makka za shi. Sadiƙa ta zo daga Sabon Birni tare da Goggo Saude, domin ta zo ganin gida a makon. Da ya shigo cikin gida gaida mata, ta tare shi a gaban kowa.

"Bawana, barka da arziki," in ji ta. "Amma bari in hwaɗa ma tun da wuri. Ko ka cinye matakan ga ukku da maki ɗari bisa ɗari, tsaron kanta ba ya ba ka haruhwan nan. Aikin nazarin jari suka biɗa, shi aka ƙidaya ma mutum. Ka nemi canjin aiki tun yanzu, karatu na tahiya shekaru na tahiya."

Matan suka kwashe da dariya, suna jiran ramuwa. Shi ma ya gyara laktaye.

"Ku ji min baiwata!" ya ce. "Tun ba a kai ko'ina ba hassada ta motsa. Ke, ina bisa kujerar banki kina goge majina makarantar boko. In shekarun aiki aka biɗa, sai in ara miki."

Aka yi shewa. Goggo Saude ta ce, "Ku dai ba ku girma." Sadiƙa ta buɗe baki za ta ce ba wasa take ba, amma ina, wa zai saurari taubashiya ta ce da gaske take? Ta yi dariya ita ma ta bar shi. Hafizullahi ya koma zaure yana jin ya gama da ita.

Mataki na biyu ya koya masa hankali, ko da yake bai koyu ba. A nan ba haddar tsiya ake so ba: za a ba ka labarin kamfani shafi guda, a jero maka tambayoyi a kansa, ka fitar da darajarsa da hannunka. Lokacin sau ɗaya ake yin sa a shekara, in ka faɗi sai baɗi. Ya faɗi. Shekarar da ta biyo baya, annobar korona ta rufe duniya aka ɗage. Da aka dawo an mayar da jarrabawar kan kwamfuta, sannan ga ƙasar Gobir ta rikice da 'yan bindiga, aka datse layukan waya a Isa da Sabon Birni wata da watanni. Mutane na neman yadda za su ji ko 'yan uwansu na raye, Manaja na sintiri a hanyar Marnona da ransa a hannu, don ya isa Sakkwato ya sami intanet ya yi rajista. Naira kuma kullum ƙara zubewa take a gaban dala. Ya sayar da gonar da ya gada a Kamarawa, ya ce wa Maimunat ai dama ba ta nomuwa saboda ɓarayin daji. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba.

Da ya ci mataki na biyu aka sake walima, wannan karon raguna biyu. Sadiƙa ba ta samu zuwa ba, ta kira shi a waya ta yi masa barka, ta ƙara da cewa an ma sauya ƙa'idar: yanzu awa dubu huɗu ake so a cikin aƙalla shekara uku, kuma dole aikin ya zama yana da hannu kai tsaye a shawarar inda za a zuba jari. Ana iya tara su kafin jarrabawa, ko ana cikinta, ko bayanta, shi ya sa take ce masa ya fara tun yanzu. Ya sa wayar a sifika don 'yan majalisa su ji, ya ce mata, "To Malama Hassada, mun ji wa'azi." Bawa mai kyamis ya yi dariya har da buga cinya. Da ta kashe, Hafizullahi ya yi lissafi a ka: awa dubu huɗu ai ko shekara uku ba ta cika cinyewa ba, shi kuwa ya haura goma sha biyar a banki. Sai ma ya ji tausayin cibiyar, da ta rage wa mutane wahala bayan shi ya riga ya wuce wurin.

Mataki na uku shi ne na tsara dukiyar mai jari gaba ɗaya, kuma akwai tambayoyin da sai ka rubuta amsa da hujja, babu canki-canka. Ya faɗi sau ɗaya, ya koma ya ci. Daga ranar da ya fara zuwa ranar da sakamakon ƙarshe ya fito, 'yarsa ta fari ta tashi daga rarrafe ta kai aji uku a firamare, shi kuma furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Ba sai an faɗi irin shagalin da aka yi ba. Abin da ya fi walimar shi ne allon suna. Tun sakamako bai kwana biyu ba ya aika Sakkwato aka sassaƙo masa na katako mai ruwan zinariya, da haruffan nan uku a bayan sunansa, ya ɗora a kan tebur yana fuskantar layin masu cirar kuɗi. Ya buga kati, ya sauya sunansa a waya. A babin ɗa'ar da ya haddace an faɗa ɓaro-ɓaro cewa cin jarrabawa uku ba ya ba mutum izinin ɗaura haruffan, sai ya zama mamba an tabbatar masa da shaidar. Ya san haka sarai, ya ma taɓa amsa tambaya a kai ya ci. Amma a ganinsa wannan sharaɗi ne na cike takarda, kamar zuwa karɓar satifiket bayan an gama makaranta.

Ya zauna ya nemi zama mamba. Aka ce ya bayyana aikinsa, ya kuma kawo mutum uku da za su shaide shi, ko biyu in ɗayansu cikakken mamba ne na ƙungiyar masu shaidar ta ƙasar nan. Bai nemi Sadiƙa ba, Allah ya kiyaye. Ya sa manajan nan mai ciwon gwiwa da wasu manyansa biyu na Sakkwato. Wajen bayanin aiki kuwa ya saki alƙalami: shi ke riƙe da makulli, ma'aikata kaza ke ƙarƙashinsa, ba a taɓa samun gibin kobo a kantarsa ba, shi ya jawo asusun 'yan kasuwar shanu. Duk gaskiya ne, kuma ya rubuta shi yana jin kamar kirari ake masa.

Amsa ta zo cikin ladabi. An taya shi murnar kammala jarrabawa, an ce aikin da ya bayyana bai nuna hannu a shawarar zuba jari ba, don haka ba a ƙidaya shi ba. In yana da wani aikin da ya dace, ƙofa a buɗe take.

Ya karanta ya sake karantawa. Abin da ya fara zuwa masa ba nadama ba ce, ba kuma tunanin gonar Kamarawa ba. Tsoro ne ya kama shi kada Bawa mai kyamis ya ji. Ya kwana uku yana cewa zazzaɓi ke damunsa, a na huɗu ya ce wa Maimunat za shi Abuja karɓo shaida.

Ofishin su Sadiƙa a hawa na huɗu yake. Yanzu ita ce shugabar sashen nazari. Ya wuce ta gaban wasu samari da 'yan mata da ba su fi sa'annin ƙannensa na baya ba, kowa ya duƙufa a kan kwamfuta, babu wanda ya ɗago ya ce masa ranka ya daɗe. Wannan kaɗai ya ishe shi tsanar wurin. Ta tarbe shi da fara'a, ta sa aka kawo masa shayi, ya nuna mata amsar a wayarsa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ai na gaya maka ba, shi kuwa da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Abu mai sauƙi na," ya ce, yana kallon silin. "Bankinmu na sayen takardun bashin gwamnati da rarar kuɗɗin ajiya. Za ni sake rubutawa in ce ni ka tsara wannan. Ke kuma mamba ta, in kin sa bakinki ba su ko dibawa sau biyu."

"Kai ka tsara shi?" ta tambaya.

"Hedikwata ka yi, can Sakkwato. Amma kuɗɗin daga ina sunka hito? Ba daga kantata ba?"

"Hafizu, ka san babin ga na ɗa'ar sana'a, ka hi ni haddace shi. In na shaidi abin da ban gani ba, kuma na san ba haka na ba, tawa shaidar aka karɓewa, kai kuma a hana ka har abada. Kuma allon da anka ce min ka ɗora bisa tebur, ka ɗauke shi tun wani bai kai ƙara ba."

Ya ji kamar ta watsa masa ruwan zafi. Ta ci gaba, murya a ƙasa. Ta ce jarrabawarsa ba ta ruɓewa, tana nan tana jiransa, aiki kaɗai ya rage. Kamfaninsu na ɗaukar ƙananan masu nazari sau ɗaya a shekara, kuma yanzu ne lokacin. Mutumin da ya ci mataki uku ba za a ƙi shi ba, za ta yi magana da shugaban kamfani a kira shi ganawa. Albashin farko bai kai nasa na yanzu ba in an cire tsadar Abuja, kuma zai zauna ne a teburin can tare da yaran nan, ita ce za ta riƙa duba aikinsa. Shekara uku, ya sami haruffansa halak malak. Ranar Juma'ar ƙarshen wata ake rufe sunaye, za ta kira shi ta ji.

Hafizullahi ya leƙa ta gilashi ya dubi teburin. Ga wata kujera babu kowa tsakanin wata yarinya mai ɗankwali ja da wani yaro mai cin gyaɗa. Ya hango kansa a kai, da furfurarsa, yana miƙa wa 'yar Goggo takarda tana ja masa layi da jan biro. Ya hango labarin ya isa Isa: Manaja ya koma yaron Sadiƙa. Ya miƙe ko shayin bai taɓa ba, ya ce zai yi shawara.

Shawarar da ya yi ita ce ta kai ƙara. Bai ma sauka Isa ba, ya zarce Sabon Birni, ya biya ya ɗauki Baffa Is'haƙa, yayan mahaifinsa kuma babban gidan yanzu, suka yi sallama a gidan Goggo Saude. A ƙasar nan shaida ba wata aba ba ce mai wuya. Ɗanka zai shiga aikin soja, hakimi ya sa hannu ya ce ya san shi tun yana goye, alhali ranar ya fara ganinsa. Ana kiran wannan rufin asiri, kuma wanda ya ƙi yi wa nasa shi ne mugu. A kan wannan ma'aunin Hafizullahi ya ɗora maganarsa, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya karya murya.

"Goggo, shekara da shekaru ina wahala, har gonar Baba ta tahi. Na ci jarrabawa duka, ba wanda ya taimake ni. Sa hannu ɗai ya rage, na ɗan'uwa ya ce ya san ni. Na tahi har ohis nata, tac ce ba ta yi. Wai sai dai in aje aikina in zo in zan yaronta."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ya dai zaɓi gaskiyar da zai faɗa. Baffa Is'haƙa ya girgiza kai ya ce, "La'ilaha illallahu. Boko dai ba ta bar zumunci ba." Goggo Saude, wadda ɗan'uwanta Wada ya rasu ya bar mata wannan ɗan a matsayin abin tunawa, ta sa aka kira mata 'yarta nan take.

"Ke Sadiƙa, mi Hafizu ya yi miki?"

Ana jin muryar Sadiƙa daga wayar tana cewa, "Inna, ki saurare ni, shaidar zur ce yaka so in yi, kuma ni na nema mai hanyar da..."

"Shaidar zur? Ba ki san shi ba? Ba ɗan Wada na ba? Ba banki yaka aiki ba tun kina ƙarama? Mi aƙ ƙarya ciki?"

"Inna, ba irin aikin ba na..."

"Aiki dai aiki na! Ke dai ki ce ba ki son shi kamo ki. In ba ki sa hannun ga ba, kada ki ƙara kirana."

Ta kashe wayar tana huci, ta share hawaye da bakin zane. Hafizullahi ya sunkuyar da kai kamar mai jimami, amma wani sanyi ne ke ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Tun da amsar nan ta zo yake neman abin da zai gaya wa mutane, ga shi Allah ya kawo masa har gida, kuma daga bakin uwar Sadiƙa.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Isa da Sabon Birni, har 'yan kabu-kabun garin Burkusuma sun ɗauka. Manaja ya ci jarrabawar Amurka kaf, 'yar uwarsa ta danne masa takarda. A gidan suna aka daina amsa gaisuwar da Sadiƙa ke aikowa. Masu zuwa cirar albashi suna tsayawa su yi masa jaje, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "A bar ma Allah." Bai taɓa samun girma irin na wannan watan ba, ko lokacin raguna biyu.

Ba za a ce bai san gaskiya ba. In ya keɓe a ofis bayan an rufe kanta yakan buɗe wayarsa ya duba kuɗin haya a unguwannin bayan Abuja. Sau ɗaya har ya fara rubuta takardar ajiye aiki, ya kai layi na biyu ya goge. Ya san babu wata hanya sai wadda ta nuna masa, ya san a shekarunsa ba kowane kamfani ne zai buɗe masa ƙofa ba, ya kuma san abin da ya zuba a cikin wannan abu ba zai dawo ba.

Ranar Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, yana zaune a kan benci a ƙofar kyamis ɗin Bawa, majalisa ta cika, ana ta mayar da zancen. Wayarsa ta yi ƙara. Ya zaro ta ya ga sunan Sadiƙa. Ya san abin da za ta tambaya, ya kuma san yau ake rufewa. Yatsansa ya tsaya a kan gilashin wayar. Da shi kaɗai ne a ɗaki, wataƙila da ya ɗauka.

"Wa na?" in ji Bawa.

Hafizullahi ya dubi fuskokin da suka zuba masa ido. Sai ya juya wayar ya ɗaga ta sama, ya zagaya da ita kowa ya karanta.

"Kun gani ko?" ya ce. "Yanzu ita ka biɗata."

"Kada ka ɗauka, Manaja!" in ji Bawa. "Bar ta ta san kai ba sa'anta na ba."

Ya ajiye ta a kan benci, a tsakiyarsu, suna kallo tana ruri har ta gaji ta yanke. Ta sake kira, ta sake yankewa. Aka jira na uku, bai zo ba. Wani dattijo a gefe ya ce wallahi Manaja namiji ne, Hafizullahi ya gyara laktaye ya ce a kawo wa kowa shayi, shi zai biya.